Yadda Ake Warware Ikweshan na Difaranshiyal da Jerin Fawa

Ikweshan na difaranshiyal tambaya ce da amsarta ba lamba ba ce, fankishan ne sukutum, wato ana neman wani y wanda ya dogara da x, kuma wanda idan aka ɗauki deribatif ɗinsa aka zuba cikin ikweshan ɗin, ɓangaren hagu zai yi daidai da na dama a kowane x. Ɗalibin da ya koyi raba y gefe guda da x gefe guda, ko ya koyi gwada e^(rx), yakan ɗauka ya gama da wannan babi, sai ranar da aka ajiye masa y″ = xy a gabansa. Wannan ikweshan gajere ne, ba shi da wani abin tsoro a ido, amma babu ɗaya daga cikin waɗancan dabaru da ke kama shi, kuma amsarsa ba a iya rubuta ta da sin, ko cos, ko log, ko wani fankishan da aka saba da shi a aji. A irin wannan wuri ne ake komawa ga hanyar jerin fawa, wadda tsohuwa ce ƙwarai, domin Isaac Newton da kansa ya yi amfani da jeri marar iyaka wajen warware ire-iren waɗannan tambayoyi a rubutunsa na 1671.

Kafin a shiga aiki, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi uku. Fawa ita ce ƙaramar lambar da ke saman x, kamar 3 a cikin x³. Kowafishan shi ne lambar da ke tsaye a gaban x tana ninka shi, kamar 5 a cikin 5x³. Gaɓa kuwa ita ce kowafishan da x ɗinsa a haɗe, wato 5x³ gaba ɗaya. Jerin fawa shi ne tarin gaɓoɓi da ke tafiya ba iyaka, fawarsu tana hawa ɗaya bayan ɗaya:

y = a₀ + a₁x + a₂x² + a₃x³ + a₄x⁴ + …

Dabarar duka ita ce mu ƙaddara cewa amsar da muke nema tana da wannan siffa, alhali ba mu san a₀, a₁, a₂ da sauransu ba, sannan mu bar ikweshan ɗin da kansa ya faɗa mana ko nawa ne kowannensu.

Dalilin da ya sa aka yarda a daidaita kowafishan

Duk aikin yana tsaye ne a kan ƙa'ida guda, kuma wanda bai fahimce ta ba zai riƙa bin matakai ne kawai kamar mai haddar da bai san fassara ba. Ƙa'idar tana cewa idan c₀ + c₁x + c₂x² + … ya zama sifili a kowane x da ke kusa da sifili, to dole ne c₀ da c₁ da c₂ da duk sauran su zama sifili ɗaya bayan ɗaya. Hujjar ba ta da tsawo. Idan aka sa x = 0, duk gaɓar da ke ɗauke da x ta faɗi, sai c₀ kaɗai ya rage, don haka c₀ = 0. Idan aka ɗauki deribatif na jerin, za a sami c₁ + 2c₂x + 3c₃x² + …, wanda shi ma sifili ne ko'ina, sai a sake sa x = 0 a ga c₁ = 0. Haka za a ci gaba har ƙarshen zance. Ma'anar wannan a aikace ita ce kowace fawa gidanta daban: gaɓar x² ba ta iya biya wa gaɓar x³ bashi, domin ko da sun kashe juna a wani x guda, ba za su kashe juna a kowane x ba. Saboda haka idan jeri biyu suka yi daidai, kowafishan na x² a hagu dole ya yi daidai da kowafishan na x² a dama, haka na x³, haka na kowace fawa.

Gwajin farko da ikweshan da aka san amsarsa

Yana da kyau mutum ya fara da tambayar da ya riga ya san amsarta, domin ya ga hanyar tana aiki kafin ya dogara da ita a wurin da ba shi da abin kwatantawa. Mu ɗauki y′ = y, tare da sharaɗin farawa y(0) = 1. Muna rubuta jerin, sannan mu ɗauki deribatif ɗinsa gaɓa bayan gaɓa, kamar yadda ake yi wa folinomiyal:

y′ = a₁ + 2a₂x + 3a₃x² + 4a₄x³ + …

Yanzu sai a jera y′ a sama, y a ƙasa, kowace fawa a ƙarƙashin 'yar'uwarta. Gaɓar da ba ta da x ta ba da a₁ = a₀. Gaɓar x ta ba da 2a₂ = a₁, wato a₂ = a₀/2. Gaɓar x² ta ba da 3a₃ = a₂, wato a₃ = a₀/6, sannan gaɓar x³ ta ba da 4a₄ = a₃, wato a₄ = a₀/24. Lambobin da ke ƙasa, 1, 2, 6, 24, su ne faktoriyal, don haka aₙ = a₀/n!. Ikweshan ɗin bai ce komai game da a₀ ba, ya bar shi sake, kuma sharaɗin farawa ne ke ɗaure shi, domin idan x = 0 jerin ya koma a₀ kaɗai, ke nan a₀ = 1. Abin da ya fito shi ne 1 + x + x²/2 + x³/6 + …, wanda kowa ya san shi ne eˣ. Ba za mu daɗe a nan ba, amma a riƙe abu ɗaya: ikweshan mai mataki na ɗaya, wato wanda bai wuce deribatif na farko ba, ya bar kowafishan ɗaya tak a sake. Wannan ƙidaya za ta cece mu nan gaba.

Babban aikin: y″ = xy

Ana kiran wannan ikweshan da sunan George Biddell Airy, masanin taurari na Ingila, wanda amsarsa ta bayyana a binciken da ya wallafa a 1838 kan ƙarfin haske a inda tsirkiyoyinsa ke taruwa, kamar yadda ake gani a bakan gizo. Mun zaɓe shi ne domin a cikinsa akwai duk wuraren da ake tuntuɓe. Za mu warware shi da sharuɗɗan farawa y(0) = 2 da y′(0) = −1.

Matakin farko shi ne a duba ko wurin da za a kafa jerin lafiyayye ne. Ana rubuta ikweshan ɗin a siffar y″ + P(x)y′ + Q(x)y = 0, inda babu komai a gaban y″, sannan a duba ko P ko Q suna lalacewa a x = 0, misali ta hanyar rabawa da sifili. A nan P(x) = 0 ne, Q(x) = −x, kuma babu x ɗin da ke lalata su, don haka hanya a buɗe take. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki saboda suna ganin ba lissafi ba ne, amma za mu ga a ƙarshe abin da tsallakewar ke jawowa.

Mataki na biyu shi ne ɗaukar deribatif sau biyu. Ina ba da shawara, musamman ga mai farawa, ya fara rubuta gaɓoɓi shida ko bakwai a fili da hannu kafin ya taɓa alamar Σ mai nufin tara gaɓoɓi, domin alamar tana gajarta rubutu amma tana ɓoye kuskure. Deribatif na biyu na aₙxⁿ shi ne n(n−1)aₙxⁿ⁻², saboda haka a₀ da a₁x sun ɓace gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne:

y″ = 2a₂ + 6a₃x + 12a₄x² + 20a₅x³ + 30a₆x⁴ + 42a₇x⁵ + …

A ɓangaren dama kuwa, ninka y da x yana ɗaga kowace fawa da ɗaya:

xy = a₀x + a₁x² + a₂x³ + a₃x⁴ + a₄x⁵ + …

A nan ya kamata a tsaya a dubi layukan biyu da kyau. Layin sama ya fara da gaɓa marar x, wato 2a₂, amma layin ƙasa ya fara ne daga x. Ke nan 2a₂ ba ta da abokiyar zama a ƙasa, abin da ke gabanta sifili ne, kuma wannan ya tilasta a₂ = 0. Daga nan sai sauran su biyo a jere: gaɓar x ta ce 6a₃ = a₀, gaɓar x² ta ce 12a₄ = a₁, gaɓar x³ ta ce 20a₅ = a₂, gaɓar x⁴ ta ce 30a₆ = a₃, gaɓar x⁵ ta ce 42a₇ = a₄.

Mataki na uku shi ne mayar da wannan tsari ƙa'ida guda da za ta yi aiki ga kowane n, kuma a nan ne ake buƙatar gusar da lambar ƙirga. A rubutun Σ, y″ yana fitowa da xⁿ⁻², xy kuma yana fitowa da xⁿ⁺¹, kuma ba zai yiwu a daidaita kowafishan ba sai fawar ta zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu. A jeri na farko muna so n − 2 ya zama sabuwar fawa, don haka duk inda aka ga n sai a rubuta n + 2, kuma ƙirgar da ta fara daga 2 yanzu ta fara daga 0. A jeri na biyu duk inda aka ga n sai a rubuta n − 1, kuma ƙirgar da ta fara daga 0 yanzu ta fara daga 1. Abin lura shi ne idan n ya hau a cikin gaɓar, mafarin ƙirga yana sauka daidai wannan adadi, idan kuma ya sauka, mafarin yana hawa. Sakamakon shi ne:

y″ = Σ (n+2)(n+1)aₙ₊₂xⁿ, daga n = 0

xy = Σ aₙ₋₁xⁿ, daga n = 1

Gusarwar ba ta canza komai a cikin jerin ba, suna kawai aka sauya wa gaɓoɓin, kuma hanyar tabbatarwa ita ce a sa n = 0 da n = 1 a sabon rubutun a ga ko 2a₂ da 6a₃x sun fito kamar yadda suke a layin da aka rubuta da hannu. Tun da jeri ɗaya ya fara daga 0 ɗayan kuma daga 1, dole ne a zare gaɓar n = 0 a ajiye ta daban, ita ce ta ba mu a₂ = 0, sannan a haɗa sauran. Daga n = 1 zuwa sama, ƙa'idar ita ce:

aₙ₊₂ = aₙ₋₁ / [(n+2)(n+1)]

Wannan ita ce ƙa'idar bi-da-bi, wadda ke samar da kowane kowafishan daga wanda ya riga shi. Tazarar da ke tsakanin n + 2 da n − 1 uku ce, don haka kowafishan ɗin sun kasu zuriya uku da ba sa cuɗanya. Zuriyar a₀ ita ce a₃, a₆, a₉. Zuriyar a₁ ita ce a₄, a₇, a₁₀. Zuriyar a₂ kuwa, tun da kakanta sifili ne, a₅ da a₈ da a₁₁ duk sifili ne, babu wanda ya tsira.

Mataki na huɗu lissafi ne zalla, sai dai a yi shi a natse. A zuriyar farko, a₃ = a₀/6, sannan a₆ = a₃/30 = a₀/180, sannan a₉ = a₆/72 = a₀/12960. Lambar da ake rabawa da ita kullum ita ce fawar sabuwar gaɓa sau lambar da ke ƙasa da ita, wato 3 sau 2, da 6 sau 5, da 9 sau 8, kuma wanda ya gane wannan ba ya buƙatar sake duba ƙa'idar. A zuriya ta biyu, a₄ = a₁/12, sannan a₇ = a₄/42 = a₁/504, sannan a₁₀ = a₇/90 = a₁/45360. Idan aka tara duk masu a₀ wuri guda, masu a₁ wuri guda, amsar ta zama y = a₀y₁ + a₁y₂, inda:

y₁ = 1 + x³/6 + x⁶/180 + x⁹/12960 + …

y₂ = x + x⁴/12 + x⁷/504 + x¹⁰/45360 + …

Kowafishan biyu ne suka rage a sake, a₀ da a₁, kuma haka ya kamata, domin ikweshan ɗin mai mataki na biyu ne. A takardun ɗalibai da na taɓa dubawa, kuskuren da ya fi yawa a wannan tambaya shi ne manta gaɓar n = 0, sai a₂ ta zauna a sake, mutum ya ƙare da amsa mai reshe uku, har ya ja mata layi biyu a ƙasa yana mai gamsuwa. Ba sai an bi lissafinsa layi bayan layi ba, ƙirga kowafishan da ke sake kaɗai ya isa ya nuna akwai ɓaraka. Wasu kuma sukan sa n = 0 a cikin ƙa'idar kai tsaye, sai su ci karo da a₋₁, wanda babu shi a jerin tun farko, kuma ganinsa alama ce cewa an yi amfani da ƙa'idar a wajen iyakarta.

Mataki na biyar shi ne sharuɗɗan farawa, kuma a nan hanyar tana da sauƙin da sauran hanyoyi ba su da shi. Idan x = 0, y ya koma a₀, y′ kuma ya koma a₁, don haka a₀ = 2 da a₁ = −1 ba tare da warware komai ba. Amsar tambayarmu ita ce:

y = 2 − x + x³/3 − x⁴/12 + x⁶/90 − x⁷/504 + …

Kafin a miƙa amsa, a mayar da ita cikin ikweshan ɗin. Mu gwada da y₁. Deribatif na biyu na x³/6 shi ne x, na x⁶/180 shi ne 30x⁴/180 wato x⁴/6, na x⁹/12960 shi ne 72x⁷/12960 wato x⁷/180. Idan kuma aka ninka y₁ da x za a sami x + x⁴/6 + x⁷/180 + …, daidai wa daida. Gaɓar ƙarshe kullum takan rage ba abokiya, a nan x¹⁰/12960, kuma wannan ba kuskure ba ne, abokiyarta tana cikin gaɓar x¹² da ba a rubuta ba. Wannan gwaji yana kama kuskuren alamar ɗebewa nan take, wanda yakan shigo idan aka rubuta ikweshan ɗin a matsayin y″ − xy = 0 aka manta da alamar wajen tsallakar da gaɓa.

Gaɓa nawa ne suka isa

Samun jeri daban, samun lamba daga cikinsa daban. Da farko sai a tabbatar jerin yana taruwa a kan adadi guda, ba ya ta hauhawa. A y₁, kowace gaɓa ana samun ta ne ta ninka wadda ta gabace ta da x³ a raba da lambobi irin 6, 30, 72, 132, 210, waɗanda ke ƙaruwa ba tsayawa. Ko x nawa ne, x³ a tsaye yake, mai rabawar kuwa yana girma, don haka daga wani wuri gaɓoɓin za su fara ƙanƙancewa da sauri, jerin kuma yana taruwa a kowane x. Haka yake ga y₂.

Amma taruwa a kowane x ba ya nufin gaɓa uku sun isa a kowane x. A x = 1, gaɓoɓin y₁ su ne 1, da 0.166667, da 0.005556, da 0.000077, jimillarsu 1.17230, kuma gaɓa ta biyar ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Haka y₂ ya ba da 1.08534, don haka amsar tambayarmu a x = 1 ita ce 2 sau 1.17230 a ɗebe 1.08534, wato kimanin 1.2593. A nan gaɓa huɗu sun wadatar har da saura.

Yanzu a gwada x = −3, inda x³ = −27. Gaɓoɓin y₁ sun zama 1, da −4.5, da 4.05, da −1.519, da 0.311, da −0.040, da 0.004. Wanda ya tsaya a gaɓa biyu zai ce amsar −3.5 ce. Wanda ya tsaya a gaɓa uku zai ce 0.55 ce, wato ko alamar ma bai samu daidai ba. Mai gaɓa huɗu zai ce −0.969, mai biyar −0.658, kuma sai an kai gaɓa bakwai ko takwas kafin lambar ta zauna a kusan −0.695. Dalilin a bayyane yake: a farko 27 ya fi 6 girma, don haka gaɓa ta biyu ta fi ta farko, kuma sai da mai rabawa ya wuce 27 nesa sannan gaɓoɓin suka fara faɗuwa sosai. Abin da ake bi a aikace shi ne a ci gaba da ƙara gaɓa har sai sun shiga sauka da gaske, kuma ta ƙarshe ta gaza girman kuskuren da aka yarda a ɗauka. Idan alamomin suna karɓa-karɓa tsakanin tarawa da ɗebewa, kuma gaɓoɓin suna ta raguwa, kuskuren ba ya wuce girman gaɓar farko da aka bari.

Idan x ya yi nisa ƙwarai a ɓangaren ɗebewa, kamar −10, wata matsala takan ƙaru, domin gaɓoɓin tsakiya suna kumbura su kai miliyoyi alhali amsar ƙarama ce, sai ya zama ana ɗebe manyan lambobi daga juna, kuma kalkuleta mai 'yan lambobi tana zubar da daidaito a hanya. Jerin bai yi ƙarya ba, sai dai ya daina zama hanyar da ta dace da wannan wuri.

Idan sharuɗɗan ba a sifili suke ba

Wani lokaci akan ba da y(1) da y′(1) maimakon y(0) da y′(0). A nan ba a kafa jerin a sifili, ana kafa shi ne a inda sharuɗɗan suke. Sai a sa t = x − 1, a rubuta y = a₀ + a₁t + a₂t² + …, kuma wajibi ne a sauya x ɗin da ke cikin ikweshan ɗin shi ma ya koma t + 1, wanda shi ne abin da aka fi mantawa. Ikweshan ya zama y″ = ty + y, don haka ɓangaren dama yana da jeri biyu, gaɓar farko ta ba da 2a₂ = a₀, ƙa'idar kuma daga n = 1 ta zama (n+2)(n+1)aₙ₊₂ = aₙ + aₙ₋₁. Yanzu kowane kowafishan yana gado daga biyu, zuriyoyin sun cuɗanya, a₂ kuma ba dole ba ne ta zama sifili, amma matakan ba su canza ba.

Inda hanyar ke da iyaka, da inda take faɗuwa

Ikweshan Airy ya yi mana sauƙi da jerinsa ke taruwa ko'ina, amma ba kullum haka take ba. A ɗauki (1 − x)y′ = y. Idan aka buɗe baka, ɓangaren hagu ya zama y′ − xy′, kowafishan na xⁿ a cikinsa shi ne (n+1)aₙ₊₁ − naₙ, kuma daidaita shi da aₙ yana ba da (n+1)aₙ₊₁ = (n+1)aₙ, wato duk kowafishan ɗin daidai suke da a₀. Jerin shi ne a₀(1 + x + x² + …), wanda yake daidai da a₀/(1 − x), amma fa sai idan x yana tsakanin −1 da 1. A x = 2 jerin yana cewa 1 + 2 + 4 + 8 + …, wanda ba ya tsayawa ko'ina. Da an yi matakin farko da kyau, da an hango wannan tun kafin lissafi, domin raba ikweshan da 1 − x yana nuna akwai wuri mai matsala a x = 1, kuma tabbacin da ake da shi na taruwar jerin yana kaiwa ne daga inda aka kafa shi zuwa wuri mai matsala mafi kusa. Nisan kuwa ana auna shi ne har da lambobin da ke ɗauke da i, wato √−1. Shi ya sa (1 + x²)y′ = 1 yake ba da jerin a₀ + x − x³/3 + x⁵/5 − … wanda ba ya aiki bayan 1, duk da cewa 1 + x² ba ya zama sifili a layin lambobi na yau da kullum, domin yana zama sifili a i da −i, kuma nisansu daga sifili 1 ne.

Mafi muni shi ne a kafa jerin a kan wuri mai matsalar kansa. A gwada 2xy′ = y a x = 0. Kowafishan na xⁿ a hagu 2naₙ ne, a dama aₙ, don haka (2n − 1)aₙ = 0 ga kowane n. Tun da babu cikakkiyar lamba n da za ta sa 2n − 1 ya zama sifili, dole kowane aₙ ya zama sifili, sai jerin ya ba da y = 0 kawai, babu kowafishan ko ɗaya da ya rage a sake. Ikweshan ɗin kuwa yana da amsa sarai, y = C√x, kamar yadda raba y gefe guda da x gefe guda zai nuna a layi biyu. Abin da ya faru shi ne √x fawarsa rabi ce, jerinmu kuma ba shi da gurbin rabi, ƙaddarawar da muka yi tun farko ita ce ba ta dace ba. Alamar a nan ma ƙidaya ce, domin ikweshan mai mataki na ɗaya ya kamata ya bar kowafishan ɗaya a sake, amma a nan bai bar ko ɗaya ba. Gyaran shi ne wanda Georg Frobenius ya tsara a 1873, inda ake ninka jerin da xʳ a bar r ba a sani ba. Idan aka sa y = xʳ(a₀ + a₁x + …) a cikin 2xy′ = y, gaɓa mafi ƙarancin fawa tana ba da (2r − 1)a₀ = 0, kuma da yake ana ɗaukar a₀ ba sifili ba ne, sai r = 1/2 ya fito. Ga sauran gaɓoɓin, (2n + 2r − 1)aₙ = 0 ya koma 2naₙ = 0, wanda ya kashe a₁ da a₂ da duk na bayansu, ya bar a₀ kaɗai a sake, amsar kuma ta tsaya a y = a₀√x.